Batir na Biyu

Ni na haɗa wa Yaya Abdulƙarim na'urar, a rumfata ta gyaran lantarki da ke Adjamé Mairie. Mahauci ne a Treichville, kuran kuma, wato wutar lantarki, sai ya ga dama yake zuwa layinsu, shi ya sa firizarsa ke kan sola. Aikin na'urar ta dinga duba ƙarfin batir, in ya yi ƙasa da volt 11.8 ta tura masa saƙo ya nemo janareta.

Ƙwaƙwalwarta ba ta iya auna abin da ya wuce volt 3.3, don haka na jera resista biyu, mai 100k da mai 30k, suna rage mata ƙarfin kafin ta mayar da shi lamba. Da wannan lissafin, ƙarshen ganinta volt 14.3 ne. Batir ɗaya mai volt sha biyu, ai ya isa har da ragi.

Ana saura mako biyu bikin 'yarsa Zalihatu ya kira ni, ina cikin gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, yaran mota na ta ihu. Ya ce zai ƙara batir da sabuwar inbata, ko da matsala? Na ce babu komai, Yaya. Ban tambayi yadda za a haɗa su ba. Tambaya ɗaya fa, ko minti ba za ta ci ba.

Ya yanka sa guda na walima ya zuba a firiza, ya rufe shago ya shiga hidimar baƙi. Kwana uku ana ruwa, rana ko leƙowa ba ta yi ba, kuran ma ya ɗauke. Saƙo bai zo ba, shi ma bai leƙa ba.

Ranar jajibirin bikin da hantsi ya kira ni. Daga tashar Gare de Bassam na taka da ƙafa, tun bakin ƙofa warin ya tare ni. Inbata a mace. Allon na'urata kuwa 14.3, hankalinsa kwance.

Wanda ya ɗauko ya yi masa haɗin ya jera batiran ne, kan wannan a gindin wancan, suka zama volt ashirin da huɗu, ya maƙala wayoyina a kansu. Na ɗora mita, ta nuna 20.8. Batiran sun ƙare ƙaf, amma duk abin da ya haura 14.3, a wurin na'urata a cike yake. Ba ta lalace ba, abin da na koya mata take yi.

Na yi masa bayani, har da wayar cikin gbaka. Na so ya zage ni, wallahi da na ji sanyi. Ban ji komai ba, ko kunyar ma ba ta zo ba tukuna.

Ya saurara har na gama, yana kallon allon. Matarsa ta kira, ta ce masu girki sun iso da tukwane, yaushe za a kawo nama? Ya ce yana zuwa, ya kashe wayar.

Ya buɗe bakin buhu ya miƙo mini.

"Riƙe nan, Bilya," ya ce. "Mu kwashe kafin maƙwabta su ji."