Baucar Dattijo Vandi

"Ku sauke shi! Na ce ku sauke shi!"

Miriyamu ta jefar da kekenta a ƙofar shagon Alhaji Hayatu, ta sha gaban a-kori-kurar da leburori huɗu suke ƙoƙarin ɗora wa injin niƙa. Farar rigarta ta aikin jinya duk ta jiƙe da gumi.

Alhaji Hayatu, dillalin injina a kasuwar Mubi, ya fito da sauri. "Sista, lafiya? Mota za ki ture?"

"Injin Babana ne wannan, Alhaji. Kai ka ce ka ajiye masa."

"Na ajiye. Wata biyu! Ga mutumin garin Uba ya zo da kuɗi a hannu. Kullum Naira faɗuwa take, ke kuma kullum inshora, inshora. Inshorar nan da ƙafa take tahowa daga Legas?"

Leburorin suka kwashe da dariya. Miriyamu ba ta yi ba. Tun da gobara ta cinye gidan niƙan mahaifinta a Vimtim, matan ƙauyen ke ɗauko dawa a ka har gari. In wannan injin ya tafi, abin da kamfanin inshorar zai biya ba zai sayi wanda za a kawo a sabon farashi ba.

"Kwana goma," in ji ta. "Sun amince za su biya, da idona na ga wasiƙar."

Alhaji ya dube ta, ya dubi mai sayen. "Don darajar Vandi, ba don ihunki ba. Kwana goma. Rana ta sha ɗaya ko gwamna kika kawo, ya tafi."

Ta tarar da mahaifinta, Dattijo Vandi, a gindin mangwaro kusa da ƙonannen ginin, yana gyaran fartanya. Shekara ashirin yana dattijon ikilisiya, kuma ba a taɓa kama shi da magana biyu ba.

"Baba, bayan wasiƙar nan ba su aiko komai ba?"

"Ba komai. Sai wancan takarda na ƙarya."

"Wace takarda?"

Ya shiga ɗaki ya fito da Littafi Mai Tsarki, ya zaro wata takarda mai ruwan ɗorawa. Miriyamu ta karanta, sai ta dafa kai. Baucar sallama ce, wadda wanda za a biya yake sa wa hannu a mayar wa kamfani kafin su rubuta cak. Kwanan watan da ke kanta ya kai sati bakwai.

"Baba! Wannan suke jira! Kai kana jiransu, su suna jiranka!"

"Karanta layi na fari," in ji shi. "Ya ce ni Vandi na karɓi kuɗi, na sallami kamfani. Na karɓa?"

"Haka ake yi, Baba. Kowa sa hannu yake yi."

"Ni ba kowa ba ne. In sa hannu na karɓi abin da ban gani ba, ran Lahadi kuma in tsaya gaban mutane in ce kada su yi shaidar zur? A'a, 'yata. Gara injin ya tafi."

Ta san wannan muryar. Ta ninke baucar ta mayar masa.

Washegari ta roƙi abokiyar aikinta Na'imatu ta riƙe mata duti, ta shiga Fijo ta farko zuwa Yola. Hong, Gombi, Song, Girei. Kafin azahar tana hawa benen ofishin kamfanin a Jimeta.

Akawun ko ɗago kai bai yi ba. "Ba bauca, ba cak. A sa hannu, mu aika Legas, sati huɗu zuwa shida."

"Ina son ganin manaja."

"Yana mitin."

"To, ni ma ina hutu." Ta zauna a benci, ta fito da gyaɗa tana ɓarewa.

Ƙarfe uku manajan ya fito, wani siriri mai tabarau, Mista Bakari. Ya saurare ta a tsaye, sai da ta kai kan dalilin mahaifinta ya ja kujera.

"Shekara goma sha biyu ina aikin nan," ya ce. "Na ga wanda ya ƙi sa hannu don kuɗin sun yi masa kaɗan. Na ga wanda ya cinna wa shagonsa wuta da kansa. Wannan kam ban taɓa ji ba."

"Ranka ya daɗe, dokarku ta ce kada cak ya fita hannunku sai da bauca. Ta ce kada a rubuta shi?"

Ya girgiza kai. "Ba ta ce ba. Al'ada ce."

"To, su rubuta su aiko maka. Ka kulle a akwatinka. Ka miƙa, ya sa hannu, a teburi ɗaya."

"Sista, da ma lauya kika zama."

"Saura ɗaya. In cak na bankin Legas ne, sai ya yi sati uku kafin bankin Mubi ya sakar mana kuɗin. Kwana tara gare ni. Diraf nake so, wanda banki ya riga ya karɓi kuɗinsa, a biya a reshen Mubi."

Bakari ya cire tabarau ya goge. Sau biyar ya nemi Legas a waya layi na yankewa, a na shida ya samu. Miriyamu ta ji shi yana cewa fayil ya kammala, an amince tun watan jiya, in an sami matsala a ɗora a wuyansa.

Kwana uku shiru. Kowace safiya sai ta je ofishin waya na Mubi ta kira Jimeta, har akawun ya gane muryarta. Kullum da labarin da za a ba ta: an rubuta diraf ɗin. Mutum ɗaya ya sa hannu, na biyun ya tafi jana'iza. Ya dawo. An kai banki. A rana ta takwas aka ce yana cikin jakar kamfani, jirgin Yola kuma bai tashi ba.

Ranar ta goma da hantsi, a-kori-kurar mutumin Uba ta riga ta yi fakin a ƙofar shago. Vandi na zaune a benci da kwat ɗinsa na coci. Miriyamu na kai da kawowa, Alhaji Hayatu na duba agogo yana tsokanarta: "Sista, ko in sa a ba inshorar keke?"

Sai ga wata farar mota Bitil ta shigo kasuwa, taɓo har gilashi. Mista Bakari ya fito da ambulan.

"Wane ne Dattijo Vandi? Na ce sai na gan shi da idona."

Ya ajiye diraf ɗin a tafin hannun tsohon. Vandi ya karanta sunansa harafi-harafi, ya karanta adadin, ya sa a aljihun ƙirji ya danna. Sannan ya ce, "Yanzu na karɓa. Kawo biro."

Alhaji Hayatu da kansa ya sa hannu a gurbin shaida, ya raka su banki. Kafin la'asar injin yana kan mota, an juya kanta zuwa Vimtim, mutumin Uba na ta ƙunƙuni. Vandi ya dubi 'yarsa ya ce, "Kin yi kai kamar uwarki," wanda a bakinsa babu yabon da ya fi shi.

Direba ya tayar da mota ke nan wani babur ya tsaya cak a gabanta. Mutumin da ya sauko doguwar riga ce a jikinsa, amma takalminsa na ma'aikatan kan iyaka ne. Ya zagaya ya shafa lambar da ke jikin injin, ya buɗe wani ɗan littafi.

"Kashe motar," ya ce. "Injin nan ta wace hanya ya shigo ƙasar nan?"

Miriyamu ta juya wajen Alhaji Hayatu. Kujerarsa ba kowa.