Katin da Ke Mutuwa Bayan Saye Ɗaya

Mijin mai ɗinki mutum ne mai kaffa-kaffa, irin wanda zai kulle ƙofa, ya taka ya dawo ya girgiza kwaɗon. Da ta fara sayen zare da allurar keke ta intanet, shi ya nuna mata yadda ake fitar da katin wucin gadi a manhajar bankinta. Lamba ce sabuwa, a biya da ita sau ɗaya ta mutu.

"Ko ɓarawo ya kwafe ta, gawa ya ɗauka," in ji shi. "Idan kika ga saƙon an ƙi biya, kada ki kula. Wani ne ke ƙwanƙwasa gidan da aka tashi."

Bayan rasuwarsa saƙon ya fara zuwa. Duk farkon wata, tana tsakiyar taka keke, wayar za ta yi gurnani cikin ƙyallayen da ke kan tebur: an nemi cirar kuɗi, an ƙi, katin ya riga ya yi aiki. Sunan mai neman haruffa ne da lambobi a cakuɗe, ba ta gane su ba. Takan waiga ga kujerarsa da ke bakin ƙofa. Tsoro take ji, amma har ga Allah tana jin daɗi. Mutumin yana ƙasa, kwaɗonsa na nan yana aiki.

Can sai saƙon ya daina zuwa. Ta ce ɓarawon ya gaji.

Ranar da babbar 'yarta ta zo da jariri, ta ɗauki wayar. "Mama, bari ya ji muryar kakansa. Ina bidiyoyin da Baba ya ce ya kwashe ya adana a intanet, saboda wayarki ta cika?"

Ta buɗe ma'ajiyar, wayam. Ta shiga imel ɗin da uwar ba ta taɓa leƙawa ba, ta yi ta karantawa, fuskarta na sauyawa.

"Mama, wurin nan na haya ne, duk wata ake biya. Da katin nan mai mutuwa Baba ya biya watan farko. Sun yi ta nema ana ƙi. Sun yi gargaɗi, sun ba da wa'adi, sannan suka goge."

"Ba ɓarawo ba ne?"

"Ba ɓarawo ba ne, Mama."

Mai ɗinki ta zauna a kan kujerarsa, abin da ba ta yi ba tun da aka fita da shi. Ashe duk watannin nan dariyarsa da tarinsa da yadda yake kiranta ne ke bakin ƙofa, ita kuma tana ciki tana yi masa biyayya.

Jaririn ya motsa. Ta buɗe baki za ta kwaikwaya masa muryar kakansa, ta laluba ta laluba, ba ta samo ta ba.