Batirin da Ba Ya Fita

A duk faɗin Dutsin-Ma babu wanda ya fahimci wayar hannu kamar Malam Badamasi. Shi da kansa ya tabbatar da haka a gaban mahaifiyarsu, Hajiya Batula, kuma tun da yana da digiri biyu da kujera mai juyawa a ofis, babu wanda ya nemi wata shaida.

Maganar ta taso ne a kan ƙanwarsa Mardiya, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti a Tudun Ɗorawa, can bayan Barkiya. Turakun lantarki sun isa ƙauyen tun zaɓen da ya wuce, wutar ce dai ba ta samu zuwa ba tukuna. Mardiya tana son aikin. Ita ke awon masu ciki, ita ke rigakafi, kuma matan garin sun fara sa wa 'ya'yansu sunanta. Hajiya Batula kuwa, mai hawan jini, ba ta yarda ba sai da sharaɗi ɗaya, saboda halin da hanyoyin daji suke ciki.

"Ranar da na kira ban same ki ba, kin gama aikin ƙauye. Ban haife ki don 'yan bindiga ba."

Mardiya ta daɗe tana cika sharaɗin da wata 'yar waya mai madannai da aka ɗaure bayanta da kyauro. Batirinta biyu. Ɗaya na cikin waya, ɗaya na shagon Misbahu mai caji, maƙale a 'yar na'urar nan mai haƙora da ke cajin batiri shi kaɗai. Idan na ciki ya yi ƙasa, ta je ta musanya, ta koma bakin aiki. Wayar ba ta taɓa barin jakarta ba.

Ranar da Badamasi ya ga kyauron, sai ya ji kamar shi aka ɗaure.

"Ke yanzu ƙanwata ce ke yawo da wannan? Tashi mu je kasuwa."

A shago ya sa aka fito da wata waya baƙa mai kaurin bulo, kusurwoyinta na roba. Ya karanta kwalin da ƙarfi don kowa ya amfana: ruwa ba ya shigarta, ƙura ba ta shigarta, batirinta ya ninka na tsohuwar sau goma. Mai shagon, da ya ga ciniki na tafe, ya sake ta ta faɗi kan siminti, ya ɗauka ya miƙa tana nan lafiya.

"Yaya, batirin ana cirewa?" in ji Mardiya.

"A cire shi a kai shi ina? A rufe yake ruf, shi ya sa ruwa ba ya shiga. Ai cire batiri zamanin jahiliyya ne."

"To a haɗa mani da fawa banki."

"Mai rijiya a gida ba ya sayen ruwan garwa. Sati guda za ki yi ba ki nemi caji ba."

Ta buɗe baki, ta tuna cewa kyauta ce, kuma daga babban wa, ta rufe. Tsohuwar wayar da batirinta biyu aka ba wa wata ƙanwar Hajiya, don kada sadaka ta wuce gida.

Gaskiya wayar ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. A Dutsin-Ma, inda sabis yake cike, tana daɗewa. A Tudun Ɗorawa kuwa sabis sanda ɗaya ne, wani lokaci ya ɓace, sai wayar ta wuni tana lalubensa da dukkan ƙarfinta, tana ɗumi a cikin jaka. Ga babban gilashi mai cin wuta, ga fitilarta da Mardiya ke haskawa in tana duba mai naƙuda a ɗaki mai duhu. Satin Badamasi ya koma 'yan kwanaki. Ko hakan ma da sauƙi. Abin da ya dame ta shi ne, in batirin ya ƙare, wayar ce dungurungum za ta tafi shagon Misbahu, da layinta da lambobinta. Na'urar hasken rana da Misbahu ke caji da ita kuma ba ta san cajin gaggawa ba. Babban batiri babban ciki ne, sai ya wuni a jone bai ƙoshi ba.

Mardiya ta koyi dabara. Takan kira Hajiya da safe su gaisa sosai, sannan ta kai wayar caji, ta wuni babu ita, ta karɓo kafin magariba.

Wata Laraba cikin damina, hadari ya rufe rana tun safe. Ta leƙa shagon da azahar, wayar ba ta kai ko kwata ba, ta bar ta. Tana cikin ɗaura wa wata tsohuwa ruwa ta ji gari ya ɗauki gudu. An ce an ga babura da yawa sun ratsa ta bayan gonaki. Wa ya gani? Wanda ya gaya wa wanda ya gaya. Misbahu, mutum mai riƙon amana, ya zuba wayoyin jama'a cikin akwati, ya sa kwaɗo, ya ɗaure a bayan babur ɗinsa, ya nufi Kurfi don kada dukiyar mutane ta salwanta.

Mardiya ta samu aron wayar mai unguwa, ta tsaya riƙe da ita. Lambar Hajiya ta fara da sifili takwas. Sauran yana cikin akwatin Misbahu. Ta gwada abin da take zato, wani mai sayar da taki ya ɗauka daga Funtua. Babu ɗan acaɓan da ya yarda ya hau hanya, ba ranar ba, ba washegari ba. Ga tsohuwa da ruwa a hannu. Ta zauna kusa da ita tana kallon ɗigon, tana jin wayar da ba ta tare da ita tana ƙara a kunnenta.

Baburan ba su shigo ba. Labarinsu ne ya isa Dutsin-Ma, ya ƙara ƙiba a hanya. Hajiya ta yi ta kira, ba ta same ta ba.

Ranar Juma'a ta karɓi wayarta a Kurfi, Misbahu har ya cika mata ita. Ta wuce gida ta tarar da Hajiya a kwance, gefen bakinta ya ɗan karkace, hannun hagu ba ya ɗaguwa sosai. 'Yan dubiya cike da ɗaki. Badamasi na tsaye yana bayani.

"Wayar ba ta da laifi. Kayan aiki sai da tsari. Mutum ya bari batiri mai girman wannan ya ƙare, ai sakaci ne."

Mata suka jinjina kai. Hajiya ba ta ce komai a kan sharaɗi ba. Ta dai kamo gefen hijabin Mardiya da hannun da ke aiki, ta riƙe, har barci ya ɗauke ta ba ta saki ba.

Da la'asar Mardiya ta zare hijabin a hankali ta bar mata shi a hannu. Ta fita bayan ɗaki ta kira Lubna, abokiyar aikinta da ke hutu a Kurfi.

"Makullin kabad ɗin magani yana ƙarƙashin sikeli. Matar Ashafa watanta ya tsaya, jininta ya yi ƙasa, kada ki bari ta haihu a gida."

"Ke yaushe za ki dawo?"

"Ki dai duba ta," in ji Mardiya. Ta kashe kiran, ta je ta ɗora wa Hajiya ruwan kunu.