Furfurar Gwaggo

Mai shagon gyaran gashin ba ta tsoron kowa a layinsu, amma da ta hango Gwaggo a bakin ƙofa sai da ta miƙe tsaye ba shiri. Gwaggo ce ta raine ta, kuma tun tana yarinya ba ta taɓa ce mata a'a ba. Ga kunya, don rabon da ta je gaishe ta har ta manta, kullum aiki.

Gwaggo ta zame ɗankwali, ta ce ta gaji da ɓoyon tsufa. Baƙin rinin da ta yi shekaru tana laftawa take so a cire, kai ya koma fari tas kafin Asabar. In ba za a iya ba, ga shago can a tsallaken titi. Mai shago ta yanki ɗan gashi daga ƙeya, ta ce za ta gwada tukuna. Gwaggo ta koma gida jiran amsa.

Gwajin bai yi kyau ba. Maganin koɗar da launi ya mai da gashin ja, bakinsa kuwa, inda rini ya fi taruwa, ko gezau. Da ta ƙara wani zagayen, ta ja silin gashin, sai ya miƙe kamar danƙo ya tsinke. In Gwaggo ta tsallaka titi aka biye mata, da ɗankwali kawai za ta dawo, ba gashi.

Mai shago ta ɗauki waya ta yi saƙon murya, ta goge, ta sake yi, ta goge. Daga ƙarshe ta rufe ido ta faɗi gaskiya.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, Asabar ba za ta yiwu ba. Baƙin rini ba ya fita lokaci guda. Sai ya yi ja, ya koma ruwan lemo, ya koma rawaya, sannan a sa masa abin da zai kashe rawayar. Tsakanin zama da zama sai gashin ya huta makonni, muna yi masa sitimin da mai, kuma ba rilaksa mai miƙar da gashi. In na yi gaggawa, a hannuna zai kakkarye. Zama uku ne ko huɗu."

Alama ta nuna an saurara, amma shiru. Ta wuni tana leƙen tsallaken titi, har ta kusa ƙona wa wata kunne.

Da yamma sai ga Gwaggo da jakarta, ta zauna a kujerar gaban madubi kamar ita ta saye ta. Ta tambaya ko kowane zama yakan ɗauki lokaci. Mai shago ta ce sosai, rabin wuni ma.

"Kuma ke da kanki za ki tsaya a kaina?"

"Ni da kaina, Gwaggo."

Gwaggo ta gyara zama, ta kalle ta ta cikin madubi.

"To, 'yar nan, tunda sai a nan ake samun ki, ba za a iya mai da shi zama shida ba?"