Mai Usur a Tambaya ta Bakwai

Juwairiyya ba ta cika wata huɗu da fara koyarwa ba aka ba ta ajin ƙarshen mako a wata kwaleji a Gashua. Ɗaliban duk manya ne masu aiki: akawun ƙaramar hukuma, ma'aikatan jinya, masu kula da sito. Darasin sarrafa ma'aikata take koya musu, kuma a mako na biyar suka iso kan Ƙa'idar X da Ƙa'idar Y.

Ta yi musu bayani a allo. Shugaba mai zaton X yana ganin mutum ba ya son aiki, in ya samu kafa zai zille, don haka sai an tsaya a kansa, an ba shi umarni dalla-dalla, an tsoratar da shi da horo. Mai zaton Y kuwa yana ganin mutum kan ji daɗin aikinsa, yana iya tafiyar da kansa, har ya nemi a ɗora masa nauyi. Irin wannan shugaba yana shawara da mutanensa, yana sakar musu ragama.

Asabar ta gaba ta kawo gajeren gwaji. Shugabanni goma ta siffanta, kowa da yadda yake kula da ma'aikatansa, ɗalibi ya rubuta X ko Y a gefe. Tara daga ciki ƙirƙira ta yi. Na bakwai kuwa ba ta sha wahalarsa ba, da murmushi ma ta rubuta shi:

"Mai injin casar shinkafa yana ajiye kujera kusa da inji tun safe. Yana rataye da usur a wuya. Da ya ga ma'aikaci ya juya yana hira, sai ya busa. Wanda aka busa wa sau uku, gida zai tafi a ranar."

Mutum talatin da ɗaya suka rubuta X. Mutum ɗaya ya rubuta Y, ta ja masa jan biro.

Da ta raba takardu, mai Y ɗin ya ɗaga hannu. Malam Laminu ne, magidanci mai furfura a gemu, da yake zuwa daga Nguru kowace Asabar.

"Malama, ina da magana kan ta bakwai."

"Amsarta X ce, Malam Laminu. Tsayawa a kan mutane, tsoratarwa da kora. Mun yi shi a aji."

"Haka ne, mun yi. Amma wannan ai Alhaji Babayo ne na Nguru. Shekarata tara ina riƙe masa sito."

Ajin ya ɗauki dariya. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ita ma ta san mai usur ɗin, a can suke kai shinkafarsu. Juwairiyya ta mai da ido kan takardun hannunta. Alhaji Babayo yayan mahaifiyarta ne, a gidansa ta yi sakandare. Ba ta taɓa tambayar ɗalibanta inda kowa yake aiki ba.

"Misali ne kawai," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"To, in misali ne na faɗi, ban yi gardama ba," in ji Laminu. "Amma kin ce mana abin da shugaba ya ɗauki mutanensa shi ne tushe, salon kulawa daga nan yake fitowa. Shi ya sa na kasa rubuta masa X. Makullin sito yana aljihuna, bai taɓa bi na ya duba ba. Mu muke tsara wa kanmu wanda zai yi safe da wanda zai yi yamma. Da za a sayi sabon inji, zama ya yi da mu muka zaɓa. Kujerar nan kuwa, bayan da bel ɗin inji ya cinye wa abokin aikinmu Abbagana yatsu biyu ya ajiye ta. Abbagana ya juya yana amsa gaisuwa ne abin ya faru. Bakin bel kaɗai Alhaji yake busa usur. Wanda ya kora gida ma, washegari yana dawowa aikinsa."

Dariyar ta tsaya. Laminu bai ce ita 'yar gidan ba ce, ko da yake daga yadda ya sunkuyar da kai ta gane ya sani. Wannan rufin asirin ya fi komai ƙona ta.

Ta tsaya riƙe da takardar. A yadda ta rubuta tambayar, X ce amsa, babu mai ja. Sai dai ita ta zaɓi abin da za ta sa da abin da za ta bari, kuma duk abin da Laminu ya lissafa ta san shi tun da.

"Na soke ta bakwai," ta ce. "Gwajin zai koma kan tara. Tambayar ba ta ba ku abin da zai isa ku san zaton mutumin ba. Laifina ne."

Wasu suka yi gunaguni don makinsu ya ragu.

Ranar Lahadi ta shiga motar Nguru. Har suka wuce Jajimaji tana shirya abin da za ta faɗa, tana rushewa. Ta san abin da ya sa ta rubuta tambayar. Tana da shekara goma sha shida ta kai wa kawunta abinci wurin inji, mayafinta na jan ƙasa, ta ratsa ta gefen bel. Ya busa mata usur, ya daka mata tsawa a gaban leburori da mata masu jiran shinkafa, ya ce ta fita kada ta ƙara shigowa. Shekara goma sha biyu ke nan, ashe abin yana nan a ranta.

Ta same shi a kan kujerar, ana casar shinkafar wasu mutanen Dagona. Ya tsufa fiye da yadda ta bar shi da sallah. Ya yi wa Abbagana alama ya karɓi wurin, ya cire usur ɗin ya miƙa masa, suka fito inuwar darbejiya inda ƙarar ta ragu. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Malama da kanta," ya ce. "An ce na shiga jarrabawa a Gashua."

"Kawu, ka yi haƙuri. Abin da na zo faɗa ke nan."

"Laminu bai gaya min ba, kada ki ga laifinsa. Wata mata ce ta kawo buhu biyu da safe, tana ta dariya. To, na ci ko na faɗi?"

Ta kasa ɗaga ido. "Ba a haka ake yi ba, Kawu. Ana duba ne ko shugaba yana ganin mutanensa ragwaye ne, ko yana ganin suna son aikinsu."

"Ni wanne kika ba ni?"

"Na farko."

Ya shiga karkaɗe dusa daga hannun rigarsa.

"Mutum talatin aka ce?"

"Da ɗaya."

"Da ɗaya," ya maimaita a hankali. "Ni ban taɓa ce wa yaran nan ragwaye ba, Juwaira. Ko a zuciyata."

"Na sani, Kawu."

"Kin sani." Ya dube ta, ba da fushi ba, sannan ya kau da kai. "To, shi ke nan. Tashi ki shiga gida, matata Zulaihat ta yi miyar kifi. Ki ci kafin ki koma."

Ta tashi. Ta so ta gaya masa ta soke tambayar, sai ta ga ba abin da hakan zai rage masa. Ya riga ya juya ya nufi ƙofar injin, yana tafiya a hankali. Ta bi ta bayan ginin zuwa gida, don kada ta haɗa ido da ma'aikatan.