Akushin Iliyasu

Shekara ashirin ina ɗaukar hoto a Madawa, na gyara wa mutane karkataccen rawani, na share ƙuraje, amma ba a taɓa ce mini in sauya abinci a kan teburi ba sai ranar da Jemima ta shigo shagona, cikin bazarar 1996, da akushi a ƙunshe cikin zane.

Jemima ma'aikaciyar jinya ce a asibitin mishan. Mahaifinta Iliyasu, manomi daga Deule, ya zo jinya wajenta lokacin sanyi, ya rasu bayan sati uku. Ni na ɗauke shi hoto a ɗakinta, zaune gaban farantin makaroni mai tururi. Ba shi da wani hoto a duniya sai wannan.

"Yosefu, Iya ta aiko tana son hoton," in ji ta. "Ita ta haɗo Baba da akushinga, ta ce in ba shi tuwo ciki, ba ya cin abinci a wani abu. Ni kuwa na so in yi mishi na 'yan birni. Da ta tambaya, na ce cikin akushi ya ci kullum."

Raina ya ɓaci, don ba na son a mai da ni abokin ƙarya. Amma ta tsaya tana murza bakin zane kamar yarinya, tausayinta ya kama ni.

Da rana muka je ɗakinta, na sa aka rufe taga, aka kunna ƙwan lantarkin da ke rataye bisa teburin, kamar ranar farko. Na kafa kyamara a inda na tsaya a da, tsayi ɗaya, na yi ta matsar da akushin har ya hau gurbin farantin. Nan wahala ta fara. Faranti shimfiɗaɗɗe ne, inuwarsa siririya ce a gindinsa. Akushi kuwa dogo ne mai faɗin baki, haske daga sama ya zuba masa inuwa mai kauri, wadda dole ta taɓa yatsun tsohon da ke ajiye a gefe.

Tururi kuma ya ƙi fitowa. Sau biyu Jemima ta kwaso tuwon gero daga wuta, amma cikin zafin bazara ba ya nuna kansa a fim. Sai na bar tururin makaronin, wanda ya fito fari a kan baƙar rigar Iliyasu, na daidaita bakin akushin a ƙarƙashinsa.

A ɗakin wankin hoto na yanka kwali biyu. Da na farko na rufe gurbin faranti na haska tsohon fim a takarda, da na biyu na rufe sauran hoton na haska akushin. Takarda bakwai na ɓata. A ta takwas na bi gaɓar da siririn buroshi, na ƙara duhu a yatsun. Ba yabon kai ba, ni kaina na kusa yarda.

Jemima ta roƙe ni in raka ta Deule, wai ba za ta iya kai hoton ita kaɗai ba. Muka sami mahaifiyarta Tabawa a ƙarƙashin rumfa tana tsince wake. Ta goge hannu, ta karɓi hoton, ta daɗe tana kallo.

"Kai ka yi aikinga?" ta tambaye ni.

Na ce ni ne.

"Hannunka na da kyau." Ta sa farce a gefen akushin da ke cikin hoton, inda ya taɓa tsagewa aka ɗinke da waya. "Amma shekara talatin, ɗinkin nan wajenshi shi ke juya shi, shi ɗora babban yatsa a kai. Ba ya barin baƙo shi gani."

Ni na juyo ɗinkin wajen kyamara, don ya fi ɗaukar haske. Na ji kunya har cikin ƙashina.

Jemima ta durƙusa, ta fashe da kuka. "Iya, makaroni na ba shi. Cikin faranti."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Ya ci?"

"Ya ci."

"Da yawa?"

"Ya cinye, har ya ce in ƙara."

Tabawa ta ce wata biyu kafin ya tafi asibiti, loma uku yake yi ya ture akushin, ita kuma tun rasuwarsa abin da ke cin ranta ke nan, ko da yunwa ya tafi.

Ta miƙo mini hotona da ya ci mini takarda takwas.

"Ɗana, riƙe wanga. Ka kawo mini na farin, mai farantin, in ga abin da ya ci har ya nemi ƙari."