Shaidar Yaya

Auta mai feshi ne. Tankin magani a baya, ƙyalle a hanci, yana bin lungun gado da bakin katifa yana kashe kuɗin cizo. Aikin ya iya shi. Abin da bai iya ba shi ne jira.

Yayarsa ce ta fara ba shi aiki mai ɗan girma. Tana da gidan renon yara, ɗaki biyu da tsakar gida, inda mata ma'aikata ke ajiye 'ya'yansu da safe su ɗauke su da yamma. Da wannan gidan take ci, da shi take riƙe 'ya'yanta tun da mijinta ya rasu. Wata uwa ce ta kawo bargo daga gida, bargon ya zo da baƙi. Kafin Yaya ta farga, ƙananan katifun da yara ke barcin rana a kai sun cika da ɗigo-ɗigon baƙi a bakin ɗinki.

Auta ya yi feshi lokacin da yara ke hutu. Ya sa aka wanke duk wani ƙyalle da ruwan zafi, aka shanya katifu a rana, aka bar tagogi a buɗe har warin ya fita. Bayan mako biyu ya dawo ya sake, saboda ƙwan kuɗin cizo ba ya mutuwa duka a feshin farko, sai ya ƙyanƙyashe. Daga nan shiru.

Sai ya zo neman shaida.

"Yaya, ki ɗan yi magana a wayata. Mutane ba sa yarda da bakin mai kaya. Bakin wanda aka yi wa aiki suke so."

"In yi shela cewa gidan da ake kawo min jarirai ya yi kuɗin cizo? Kai da lafiya kuwa?"

"Murya kawai. Ba suna, ba hoto."

Ta kalle shi. Ita ta goye shi, ta san kalar idonsa in yana ƙarya, amma a ranar da gaske yake. Ta goge hannu a zani ta karɓi wayar.

"Mun sha fama da kuɗin cizo. Ya yi feshi sau biyu, mu kuma muka wanke kaya da ruwan zafi kamar yadda ya ce. Yau wata guda ke nan ban ga ko ɗaya ba." Ta miƙa masa. "Shi ke nan. Abin da na sani ke nan. Kar ka ƙara min gishiri, kuma kar in ga ƙofata."

Auta ya kai muryar shagon abokinsa mai gyaran waya, wanda ake kira Injiniya duk da bai taɓa gyara abin da ya fi tafin hannu girma ba. Shi ke haɗa wa mutane bidiyon talla a bayan kanta. Ya saurara, ya kwashe da dariya.

"Wannan ai ba talla ba ce, rahoton asibiti ne. Sau biyu? Wa zai kira mai zuwa sau biyu? Ga wancan na bakin kasuwa yana cewa sau ɗaya har jikoki."

"Ƙarya yake yi."

"Ƙaryar tasa babur ta saya masa. Gaskiyarka me ta saya maka? Takalmin roba?"

Auta ya kalli ƙafarsa.

Injiniya ya sa hannu. Ya yanke "sau biyu". Ya yanke ruwan zafi. Ya yanke "wata guda". Abin da ya rage: mun sha fama da kuɗin cizo, ya yi feshi, ban ga ko ɗaya ba. A sama ya rubuta da jan rubutu, FESHI ƊAYA, SALLAMA HAR ABADA. A ƙasa ya ƙara, GIDAJE SAMA DA DUBU SUN SHAIDA.

"Dubu? Ko arba'in ban kai ba."

"Wa zai ƙirga? Saura hoto. Murya ba fuska, kowa zai ce matarka ce ka sa."

Akwai hoto a wayar Auta, wanda ya ɗauka ranar aiki: katifu jere a rana, a bayansu shuɗiyar ƙofa mai zanen agwagwa da ƙwallo. Babu uwa a unguwar da ba ta san ƙofar nan ba. Auta ya riƙe wayar na ɗan lokaci. Ya ce wa kansa ai ba suna, ai ba fuska. Ya tura.

Tallar ta yi gudu. Ta shiga wayoyi, ta shiga zaurukan mata, wayar Auta ta fara ƙara tun kafin ya karya kumallo. Cikin masu kiran har da metiron ta wata makarantar kwana, matar da ke kula da ɗakunan kwanan ɗalibai. Gadaje ba iyaka. Aikin da zai iya riƙe shi shekara.

Ya je da wankakkiyar riga. Metiron doguwa ce, mai tabarau, ba ta ba shi kujera ba.

"Matar da ta yi magana a tallarka, ina son in gan ta."

"Ranki ya daɗe, ba ta cika son..."

"To cikin dubun nan ka ba ni uku."

Dubu ba su da lamba, ba su da ƙofa. Yaya kaɗai ke da ƙofa. Auta ya kwatanta wa metiron gidan, yana fita ya kira Yaya.

"Yaya, wata mata za ta zo. In ta tambaya, ki ce sau ɗaya."

"Sau ɗaya me?"

"Feshin."

Yana jin kukan yaro a bayanta, ɗaya tak, a gidan da ya saba jin kamar ana yanka awaki.

"Auta, na ga abin. Jiya wata uwa ta nuna min a wayarta, tana riƙe da jakar ɗanta. Yau mutum huɗu ba su kawo ba."

"Za su dawo. Ai tallar cewa ta yi an gama da su."

"Ba abin da suka ji sai farkon maganar. Ka sauke ta."

"Zan sauke. Ki dai ce sau ɗaya tukuna."

Ta kashe waya.

Bai sauke ba. Ko ya sauke ma, ta riga ta fita daga hannunsa, kowa da kwafinsa.

Metiron ta je, ta dawo, ta kira shi. Wannan karon ta ba shi kujera, ya san ba alheri ba ne.

"Yayarka ce ashe. Ta ce sau biyu ka yi. Ta ɗaga min katifu na duba ɗinki da idona, babu komai. Aikinka mai kyau ne."

"Na gode, ranki ya daɗe."

"Kar ka gode. Bara na ɗauki mai sau ɗaya har abada. Ya yi ya tafi, bayan mako uku yara suka koma susa, ya daina ɗaukar waya. Ni mai sau biyu nake nema. Da maganar matar nan ka saka yadda ta faɗe ta, da ban ma je ba, da kai zan ba. Amma wanda ya yanke bakin yayarsa, in ya ce min maganinsa ba ya cutar da yara, da wane kunne zan ji?"

Ya fito rana na dukan kansa. Bai ji haushin Injiniya ba. Bai ji haushin kansa ba. Kalma ɗaya, ya yi ta nanatawa a hanya. Kalma ɗaya ta gagari Yaya. Ya yi mata aiki kamar bawa, ya shaƙi magani saboda 'ya'yan mutane, ita kuma ta tsaya tana wa'azi da abincinsa.

Maganar sau biyu ta fita, kamar yadda magana ke fita. A ƙarƙashin tallar wani ya rubuta, an ce sau biyu ka je gidan nan, ina feshi ɗayan? Wasu suka bi da dariya. Auta na zaune a benci gaban shagon Injiniya da waya a hannu. Ya rubuta: A gida mai tsabta sau ɗaya ne. Wannan gidan sai da na koma, ƙazantar ta yi yawa.

Ya karanta. Ya san tsakar gidan Yaya, inda ake goge ƙasa kafin yara su zo da bayan sun tafi. Ya san kuɗin cizo ba ruwansu da tsabta, jini suke bi, a bargo da jaka suke tafiya. Shi yake gaya wa mutane haka.

Ya tura.

"Kai mugu ne," in ji Injiniya, yana dariya. "Ni dai yanka kawai na yi."

Bai koma gidan Yaya ba sai da wata ya juya. Aiki ya ja baya, masu kira sun fara tambayar sau nawa, kuma Injiniya ya ce a yi sabuwar talla, mai gaskiya wannan karon, tunda ita ake yayi. Shaida mai kyau guda ɗaya Auta ke da ita a duniya.

Ƙofar a buɗe take. An shafe agwagwar da fenti, amma bakinta na leƙowa ta ƙasa. Katifun na jingine a bango, ɗaure da igiya. Yaya na zaune a ƙaramar kujerar yara, gwiwoyinta sun kusa kai haɓarta, tana tsince wake.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya."

"Katifun fa?"

"Na sa a kasuwa. Ba mai so. Kowa ya gan su a waya."

Ya tsaya yana juya makullin hannunsa. Ba ta ce ya zauna ba.

"Na zo ne... ki sake min maganar nan. Yadda kika faɗa da farko. Ba zan taɓa ba wannan karon."

Ta ɗago. Ya zaci za ta jefe shi da farantin. Da ta jefa da ya fi masa sauƙi, da ya samu abin ba da labari. Sai ta miƙo hannu.

"Kawo."

Ta riƙe wayar kusa da baki.

"Ni ce yayarsa, mai gidan reno. Kafin ya zo ina da kuɗin cizo, ina da yara. Yanzu ba ni da ko ɗaya. Mai shakka ya zo ya duba, ƙofa a buɗe take."

Ta miƙa masa, ta koma kan wakenta.

Auta ya fita. A bakin titi ya tsaya ƙarƙashin inuwar wani shago ya saurara, ya sake saurara. Muryar ta fito tas, babu kukan yaro ko ɗaya da ya shiga ciki. Ya lura akwai ɗan numfashi tsakanin "kuɗin cizo" da "ina da yara", wani kuma bayansa. Wuri ne mai sauƙin yanka.

Ya sa wayar a aljihu, ya nufi shagon Injiniya.